Kifewar hoton allon kwamfuta

Kifewar hoton allon kwamfuta matsala ce da hoton da ke kan allo yake juyawa ya kwanta gefe ɗaya, ko ya koma ƙasa a sama, ya kuma tsaya a haka ko da an kashe kwamfutar an sake kunna ta. Galibi ba lalacewar allo ba ce, domin gilashin da wayoyinsa suna nan lafiya. Abin da ya canza shi ne wani saiti guda ɗaya da ke gaya wa kwamfuta wane gefen allo ne sama. Saitin yakan canza idan an danna wasu madannai tare bisa kuskure, ko bayan an canza direban hoto, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar da ke zana hoto a kan allo. An fi ganin matsalar a kwamfutocin Windows masu na'urar hoto ta kamfanin Intel, amma tana faruwa a Linux da Chromebook su ma.

## Yadda juya hoto yake aiki

Kowane allo yana da siffar da aka ƙera shi da ita. Allon laftof mai ɗigogi 1366 a faɗi da 768 a tsaye, alal misali, an yi shi ne don ya zauna a kwance, faɗinsa ya fi tsayinsa. Ɗigogin nan ba sa motsi. Idan aka ce an juya hoto, kwamfuta ce take zana shi a wata siffa, sannan na'urar hoto ta karkata shi kafin ta aika wa allon.

Windows tana da matsayi huɗu na zaman hoto, kuma sunayensu a kan allo su ne `Landscape`, `Portrait`, `Landscape (flipped)` da `Portrait (flipped)`. Na farko shi ne zaman da aka saba gani. Na biyu da na huɗu suna kwantar da hoto gefe, ɗaya da digiri 90, ɗayan da digiri 270. Na uku yana juya shi da digiri 180, rubutu ya koma ƙasa a sama. A matsayi na biyu da na huɗu girman hoton ma yana musanyawa, wato 1366 da 768 ya koma 768 da 1366.

An samar da wannan dama ne don amfani. Akwai monitocin da ake iya juyawa a kan ƙafarsu su tsaya a tsaye, kuma masu karanta dogayen takardu da masu rubuta manhaja suna son hakan saboda layuka da yawa suna fitowa a lokaci ɗaya. Haka kuma allunan talla da ake ratayewa a bango sukan kasance a tsaye. Matsalar tana zuwa ne kawai idan hoto ya juya alhali allon bai juya ba.

Da yake Windows tana ɗaukar wannan a matsayin zaɓin mai kwamfuta, tana adana shi. Wannan ne dalilin da ya sa kashewa da kunnawa ba ya gyara komai. Tana kuma adana saitin daban ga kowane allo, da kuma kowane haɗin alluna. Laftof ita kaɗai tana da nata saitin, laftof da aka jona wa majigi tana da wani. Saboda haka ana iya gyara hoto yau, gobe a jona majigi ya sake kifewa, domin saitin wancan haɗin ba a taɓa shi ba.

## Musabbabai

### Danna madannai bisa kuskure

Tsofaffin direbobin hoto na Intel, waɗanda suka yi yawa a kwamfutocin zamanin Windows 7 ta shekarar 2009 har zuwa farkon Windows 10 ta shekarar 2015, suna zuwa da gajerun hanyoyin juya hoto a kunne. Idan aka riƙe `Ctrl` da `Alt` aka danna kibiyar ƙasa, hoto yana kifewa. Kibiyar hagu da ta dama suna kwantar da shi gefe, kibiyar sama kuma tana mayar da shi daidai. Babu wata tambaya ko gargaɗi da ke fitowa: allon yakan yi baƙi na ɗan lokaci, sannan hoto ya dawo a juye.

Wannan haɗin madannai yana da sauƙin dannawa ba da niyya ba. Mai neman `Ctrl`, `Alt` da `Delete` yatsansa kan iya sauka a kan kibiya, musamman a ƙaramin allon madannai na laftof. Yaro mai wasa da madannai ko mai goge ƙura yayin da kwamfuta take kunne su ma sukan jawo shi. Wasu manhajoji kuma suna amfani da wannan haɗin don nasu aikin. A manhajar Visual Studio Code ta Windows, `Ctrl` da `Alt` da kibiyar ƙasa suna ƙara alamar rubutu a layin da ke ƙasa, a Eclipse kuma suna kwafin layi, amma direban Intel yakan riga su karɓar umarnin ya juya allo.

Akwai kuma batun madannin `AltGr`. Windows tana ɗaukar wannan madanni ɗaya tamkar `Ctrl` da `Alt` a haɗe. A allon madannai na Faransanci da ake kira AZERTY, wanda aka saba amfani da shi a Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci, da `AltGr` ake rubuta alamomi irin su @ da #. Idan yatsa bai sake shi ba aka taɓa kibiya, a wasu kwamfutoci hoto yana iya juyawa da madannai biyu kacal.

Waɗannan gajerun hanyoyi na direban Intel ne, Windows kanta ba ta da su. Wata ƙaramar manhaja ce ke gudana a ɓoye tana sauraron madannan, wadda a tsofaffin direbobi ake ganin ta da sunan `hkcmd.exe`, daga baya kuma `igfxHK.exe`. Idan wannan manhaja ba ta gudana, madannan ba sa yin komai.

### Canjin direba

Daga ƙarshen shekarar 2018 Intel ta koma wani sabon tsarin direba da ake kira DCH, inda aka raba direban da manhajar saitinsa. Manhajar saiti ta zama abin da ake saukewa daban daga Microsoft Store, kuma a shekarar 2019 aka fito da sabuwa mai suna Intel Graphics Command Center. Sakamakon haka, a kwamfutoci da yawa gajerun hanyoyin juya hoto sun daina aiki bayan sabunta direba. Idan hoto ya riga ya kife kafin sabuntawar, mai kwamfuta zai tarar cewa maganin da aka saba ba shi, wato `Ctrl`, `Alt` da kibiyar sama, ba ya yin tasiri.

Canjin direba yana kuma iya jawo kifewar da kansa. Wasu ƙananan kwamfutocin hannu an sa musu gilashin da asalinsa na tsaye ne, irin na waya, aka kwantar da shi a cikin jikin na'urar. Na'urar wasa ta Steam Deck misali ce: asalin gilashinta ɗigo 800 ne a faɗi da 1280 a tsaye, shi ya sa idan aka ɗora mata Windows hoto yake fitowa a kwance gefe har sai an gyara. A irin waɗannan na'urori, saitin da ke nuna hoto daidai shi ne wanda ya karkata shi. Idan aka sake ɗora Windows ko aka cire direba, karkatarwar takan ɓace, hoto ya koma asalin zaman gilashin.

### Na'urar jin karkata

Kwamfutocin da ake naɗewa su zama kamar faranti suna da wata ƙaramar na'ura mai jin inda nauyi yake ja, wadda da ita suke gane yadda aka riƙe su. Idan direban wannan na'ura bai dace ba, tana iya ba da rahoton cewa kwamfuta a kife take alhali tana zaune daidai. Haka kuma idan aka kulle juyawa lokacin da hoto yake gefe, zai ci gaba da zama a gefe duk yadda aka juya kwamfutar.

## Gano tushen matsalar

Hanya mafi sauƙi ita ce a sake kunna kwamfutar a lura da lokacin da hoto ya fara juyewa. Tambarin kamfani da ke fitowa da farko yana zuwa ne kafin Windows ta ɗora direbanta. Idan tambarin ya fito daidai, sannan shafin shigar da kalmar sirri ya fito a kife, to saitin Windows ne ko direba. Wannan shi ne mafi yawan abin da ake gani.

Idan tambarin shi ma a juye yake, abu biyu ne. Ko dai na'urar tana da gilashin da asalinsa na tsaye ne, ko kuma allon waje ne yake juya hoton da kansa. Majigi yana da saitin rataya a silin, wanda ke kifar da hoto domin idan an rataye shi ƙafafu a sama hoton ya fito daidai a bango. Idan aka sauko da irin wannan majigi aka ajiye a kan tebur, hotonsa zai fito a kife ko da wace kwamfuta aka jona masa, har da jerin saitinsa na kansa. Gyaran wannan yana cikin maɓallan majigin, ba a cikin Windows ba.

Alama ta uku ita ce motsi. Idan hoto yana juyawa da kansa duk lokacin da aka ɗaga laftof ko aka karkata ta, na'urar jin karkata ce ke aiki. Idan ya tsaya cik a wuri ɗaya, saitin da aka adana ne. Idan kuwa tare da juyewar gumaka sun ƙara girma, rubutu ya yi kauri ya dusashe, akwai yiwuwar direban hoto ya fita gaba ɗaya, Windows ta koma kan na wucin gadi.

## Gyara a Windows

Ana fara gwada `Ctrl`, `Alt` da kibiyar sama. Idan gajerun hanyoyin Intel suna kunne, hoto zai dawo nan take. Idan babu abin da ya faru bayan gwaji ɗaya ko biyu, maimaitawa ba ta da amfani, sai a wuce zuwa saitin Windows, wanda yake aiki ko da wane kamfani ne ya ƙera na'urar hoton.

Wahalar farko ita ce linzami. A allon da ya kife, idan aka tura linzami dama sai a ga kibiyarsa ta tafi hagu, idan aka tura shi gaba sai ta yi ƙasa. Kibiyar tana bin hoton ne, ba gilashin ba. Ana iya juya linzamin a kan tebur daidai da yadda hoto ya juya, wato a kifaffen allo a mayar da gabansa yana kallon mai amfani, sai motsin ya daidaita. Wasu kuma sukan ɗaga laftof su karkata ta na ɗan lokaci. Wanda ya fi sauƙi shi ne a bar linzami a yi aiki da madannai. A danna madannin tambarin Windows tare da `R`, a rubuta wannan, a danna `Enter`:

```
desk.cpl
```

Umarnin yana buɗe shafin saitin allo a Windows 7 da Windows 10 da Windows 11. Da linzami, hanyar ita ce danna dama a kan fuskar kwamfuta a zaɓi `Display settings`, ko `Screen resolution` a Windows 7. A cikin shafin ana amfani da `Tab` a yi ta matsawa har a kai kan `Display orientation`, wanda a tsofaffin fitowa sunansa `Orientation` kawai. A zaɓi `Landscape`.

Daga nan Windows za ta juya hoton ta kuma yi tambaya da maɓallai biyu, `Keep changes` da `Revert`. Tana jira daƙiƙa 15. Idan ba a danna `Keep changes` ba kafin lokacin ya cika, za ta mayar da hoton yadda yake a kife. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su ɗauka gyaran bai kama ba, alhali tabbatarwa ce ba su yi ba.

Idan alluna biyu ne a jone, a saman shafin akwai akwatuna masu lamba 1 da 2. Saitin juyawa yana shafar akwatin da aka zaɓa ne kawai. Maɓallin `Identify` yana nuna lambar kowane allo a kansa, sai a zaɓi na wanda ya kife kafin a canza komai.

A kwamfutar da ake naɗewa, ana duba `Rotation lock` a wannan shafin. A kashe shi, a riƙe kwamfutar yadda ake so hoto ya zauna, sannan a sake kunna shi. Madannin Windows tare da `O` yana kunna kullen ko ya kashe shi. Idan kullen ya dusashe ba ya dannuwa, yawanci kwamfutar tana zaman laftof ne, sai an naɗe ta ko an cire allon madannanta zai farka.

### Idan direba ne

Idan saitin ya dusashe, ko hoto yana sake juyewa bayan kowace kunnawa, ana duba direba. A buɗe `Device Manager` da umarnin `devmgmt.msc`, a faɗaɗa `Display adapters`. Idan aka ga `Microsoft Basic Display Adapter` a maimakon sunan Intel, AMD ko NVIDIA, to ainihin direban ba ya nan, kuma sai an sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar an ɗora. Idan sunan yana nan amma matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, a shiga `Properties`, sannan `Driver`, a danna `Roll Back Driver` don komawa kan na baya. Wannan maɓalli yana aiki ne kawai idan Windows tana riƙe da tsohon direban.

Haɗin madannin Windows da `Ctrl`, `Shift` da `B` yana sake tayar da direban hoto, amma ba ya canza saitin da aka adana, don haka kifaffen hoto zai dawo a kife. Windows tana ajiye saitunan alluna ne a cikin rajistarta, a wannan wuri:

```
HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\GraphicsDrivers\Configuration
```

Masu gyara sukan share abin da ke ƙarƙashinsa don Windows ta manta da duk allunan da ta taɓa gani ta fara daga farko. Mataki ne na ƙarshe, ana yin sa bayan an adana kwafin rajistar, kuma yana goge jeri da girman hoton kowane allo, ba juyawa kaɗai ba.

## Misali

A ɗauki laftof mai Windows 10 da na'urar hoto ta Intel, allonta 1366 da 768, an jona mata monita ta wayar HDMI a shagon buga takardu. Da yamma mai aiki ya danna `Ctrl`, `Alt` da kibiyar ƙasa bisa kuskure, hoton monitar ya kife, aka bar gyara sai gobe. Kafin a kashe ta, Windows ta ɗora sabon direba. Da safe aka gwada kibiyar sama, babu abin da ya motsa.

Mai gyara ya sake kunna ta. Hoton laftof ɗin daidai yake, na monitar kuma a kife da zarar Windows ta tashi. Ya danna maɓallin da ke jikin monitar, jerin saitinta ya fito a miƙe, wanda ya nuna monitar ba ita ke juya hoton ba. Ya cire wayar, laftof ta ci gaba da aiki lafiya; ya mayar, kifewar ta dawo a monitar kaɗai. Wannan ya tabbatar da cewa saitin da aka adana wa monitar ne.

Ya buɗe `desk.cpl` a kan allon laftof, inda linzami yake tafiya daidai. `Display orientation` yana nuna `Landscape`, abin da zai iya ruɗar da mutum, amma akwati na 1 ne aka zaɓa. Da ya danna akwati na 2 sai rubutun ya koma `Landscape (flipped)`. Ya mayar da shi `Landscape`, ya danna `Keep changes` kafin daƙiƙa 15 su cika. Ba a buƙaci cire direba ba, domin sabon direban lafiyarsa ƙalau, gajerun hanyoyin ne kawai ba su zo tare da shi ba.

## A wasu tsare-tsare

A Linux mai amfani da X11, umarnin `xrandr` shi kaɗai yana jera sunayen allunan da ke jone, kamar `eDP-1` na laftof ko `HDMI-1` na waje. Da sunan ake gyarawa:

```
xrandr --output eDP-1 --rotate normal
```

Sauran zaɓuɓɓukan su ne `left`, `right` da `inverted`. Canjin yana ɗorewa ne har zuwa fita daga asusu, kuma ba ya juya wurin taɓawa a allon da ake taɓawa da yatsa, wanda ake daidaitawa daban. A tsarin Wayland wannan umarni ba ya juya allo, sai a bi ta `Settings`, `Displays`, `Orientation`. A GNOME, wata manhaja mai suna `iio-sensor-proxy` ce ke karanta na'urar jin karkata, kuma ana iya hana juyawa da kanta da wannan umarni:

```
gsettings set org.gnome.settings-daemon.peripherals.touchscreen orientation-lock true
```

A Chromebook, `Ctrl` da `Shift` da madannin sabunta shafi suna juya hoto da digiri 90 a kowace dannawa, don haka ana maimaitawa har ya zagayo daidai. A macOS babu irin wannan gajeriyar hanya a kunne, ana canza `Rotation` ne a cikin `Displays` na saitin tsarin ga monitar waje.

## Hana sake faruwa

A kwamfutar da gajerun hanyoyin Intel suke aiki, ana iya kashe su. A tsohon direba, a danna dama a kan fuskar kwamfuta, a bi `Graphics Options`, `Hot Keys`, a zaɓi `Disable`. Yin haka ya fi muhimmanci a kwamfutocin da hannaye da yawa ke taɓawa, kamar na ɗakin kwamfuta na makaranta da na cibiyoyin rubuta jarrabawa, inda kifewar allo a tsakiyar aiki take cinye lokacin da aka ƙayyade. Bayan an kashe su, kibiyar sama ma ba za ta ƙara gyara hoto ba, shafin saitin allo ne zai zama hanyar gyara. Sake ɗora direba yana iya mayar da gajerun hanyoyin a kunne, don haka ana sake duba su bayan kowane irin wannan aiki.